Ma'aikata Sun Cike Fom, Sai Kuma Me?

A shekarar 1948 kamfanin wutar lantarki na Detroit Edison da ke Amurka ya haɗa gwiwa da masana daga Jami'ar Michigan domin jin ra'ayin dubban ma'aikatansa a kan aikinsu da shugabanninsu da kamfanin kansa. An raba tambayoyi, an tattara amsoshi, an fitar da alkaluma. Daga nan ne wani masani mai suna Floyd Mann da abokan aikinsa suka lura da abin da har yau yake addabar ma'aikatu: idan aka miƙa wa manaja rahoto ya karanta shi kaɗai a ofishinsa, kusan babu abin da ke sauyawa. Sai suka ɓullo da wata hanya. Shugaban kamfani zai zauna da manyan mataimakansa su tattauna sakamakon, kowane mataimaki ya ɗauki abin da ya shafi ɓangarensa ya zauna da na ƙasa da shi, haka har a kai ga ƙaramin mai kula da ma'aikata da mutanen da ke hannunsa. Bayan haka suka jarraba hanyar a sassan akanta na kamfanin: wasu sassa aka mai da musu sakamakonsu suka tattauna, wasu aka bar su. Da aka sake yin tambayoyin, sauyi ya fi fitowa a sassan da suka zauna a kan sakamakon, kuma ya fi ƙarfi a inda zaman ya sauko har ga ƙananan ma'aikata.

Sama da shekara 70 ke nan da gano wannan, amma har yanzu ma'aikatu da yawa suna ƙarar da kuɗinsu da ƙarfinsu a kan fom da zane-zanen rahoto mai launi, su manta da zaman. A ganina wanda zai tsara irin wannan bincike daga zaman ya kamata ya fara tunani. Ya hango ranar da shugaban sashe zai tsaya gaban mutanensa da takarda ɗaya a hannu, sannan ya koma baya ya tambayi kansa waɗanne tambayoyi ne za su ba wannan mutumin abin faɗa da abin yi.

Me ake aunawa?

Ba jin daɗi kawai ake nema ba. Ma'aikaci na iya jin daɗin wurin aikinsa ƙwarai saboda babu mai takura masa, ya zo ƙarfe goma ya tashi bayan Azahar. Abin da ake son aunawa shi ne ko mutum ya sa zuciyarsa a aikin, ko kuwa gangar jikinsa ce kawai take zuwa. William Kahn, wanda ya wallafa bincikensa a 1990 bayan ya nazarci ma'aikatan wani sansanin yara na lokacin hutu da na wani kamfanin zanen gine-gine, ya ce mutum na sakin jiki da aiki ne idan yana ganin aikin na da ma'ana, idan ba ya tsoron cewa faɗin ra'ayinsa zai jawo masa matsala, kuma idan yana da ƙarfin jiki da natsuwar da zai yi shi. Daga baya kamfanin Gallup ya shahara da tambayoyinsa 12, waɗanda suka taɓo abubuwa na yau da kullum kamar sanin abin da ake buƙata daga gare ka da samun kayan aiki. Masana a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holand kuma suka fitar da nasu ma'aunin mai tambayoyi 17, da gajerarsa mai 9.

Ba dole ba ne ma'aikata ta sayi na wani. Abin da ya kamata a ɗauka daga waɗannan ayyuka shi ne tambayoyi iri biyu ne. Akwai 'yan kaɗan, uku zuwa biyar, masu auna yanayin zuciya: ko mutum na alfahari da wurin, ko zai ba ɗan'uwansa shawarar neman aiki a nan, ko yana ganin kansa a nan baɗi. Waɗannan suna gaya maka ko akwai zazzaɓi, amma ba sa gaya maka cutar. Babu manajan da zai tashi da safe ya gyara "alfahari". Sauran tambayoyin su ne masu nuna abin da hannu zai iya taɓawa: kayan aiki, jadawalin duti, biyan kuɗin ƙarin lokaci, yadda ake ba da hutu, ko shugaba na saurare, ko ƙarin girma na bin ƙa'ida.

Domin maganar ta zauna, mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa mai ma'aikata 300. Kamfanin da alkalumansa duk misali ne na koyarwa. Mutum 120 na aiki a kan injinan casa, dare da rana; 90 na ɗura buhu da lodi; direbobi 40; masu gadi 18; ma'aikatan ofis 25; sai mutum 7 a ɗakin gwajin ingancin shinkafa. Hukumar kamfanin ta ga mutane na yawan barin aiki a sashen injin, sai ta ce a ji ra'ayin kowa.

Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, wanda aka ɗora wa aikin zai je wurin shugaban kamfani da jerin batutuwa, ya tambaye shi a kan kowanne: idan amsa ta fito da muni, wa zai gyara, kuma akwai niyyar gyarawa? Duk batun da ba a samu sunan wanda zai ɗauke shi ba, a cire shi. Idan shugaba ya san cewa ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a gina wa ma'aikata gidaje ba, tambayar ko suna son gidaje alkawari ne da za a saɓa tun kafin a yi shi. Ma'aikaci na ɗaukar duk tambayar da aka yi masa a matsayin alamar cewa an buɗe ƙofar wannan magana.

Albashi ne ke da wuyar sha'ani a nan. Kusan ko'ina tambayar albashi na cikin masu samun amsa mafi ƙasa, kuma cire ta gaba ɗaya zai sa ma'aikata su ce an kauce wa ainihin maganar. Mafita ita ce a raba ta. "Albashina ya ishe ni" ba za ta koya wa kowa komai ba, don kowa ya san amsar. Amma "ana biyan albashi a ranar da aka tsayar" da "kuɗin ƙarin lokacin da na yi yana fitowa daidai" da "na san yadda ake yanke shawarar ƙarin girma" abubuwa ne da akanta da sashen kula da ma'aikata za su iya gyarawa cikin wata biyu ba tare da an taɓa kasafin kuɗi ba.

Rubuta tambayoyin

Tambaya 20 zuwa 30 sun isa, yadda mutum zai gama cikin kamar minti goma. Fom mai tambaya 90 na tara gajiya, daga tsakiya sai mutum ya riƙa zaɓar layi ɗaya har ƙasa don ya huta. Yawanci ana rubuta kowace tambaya a matsayin magana, mai amsawa ya zaɓi ɗaya cikin matakai biyar: na yarda sosai, na yarda, ina tsaka-tsaki, ban yarda ba, sam ban yarda ba. Wannan ma'auni na Rensis Likert ne, tun 1932 ya fitar da shi, kuma shi ne ya jagoranci cibiyar binciken Jami'ar Michigan da ta yi aikin Detroit Edison. Yana da kyau a ƙara gurbin "bai shafe ni ba" daban, domin mai gadi da aka tambaya game da gyaran mota kada ya faɗa tsaka-tsaki ya dagula lissafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cusa tambaya biyu a baki ɗaya. "Shugabana na da adalci kuma ya san aikinsa." To, wanda ogansa gwani ne a kan inji amma yana fifita 'yan garinsu fa, me zai zaɓa? Duk inda ka ga "kuma" ko "da" a tsakiyar tambaya, ka duba ko ba biyu ba ce. Na biyu shi ne kalmar da kowa ke fahimta yadda ya ga dama. "Hukuma na kula da mu": direba na nufin mai raba tafiye-tafiye, ma'aikacin ofis na nufin shugaban kamfani, idan amsa ta fito da muni kowanne zai nuna ɗan'uwansa. A ambaci matakin ƙarara, a ce "wanda nake ƙarƙashinsa kai tsaye" ko "manyan shugabannin kamfani". Na uku, a ɗaure tambaya da lokaci da abin da ya faru. "Cikin wata uku da suka wuce, shugabana ya zauna da ni a kan yadda aikina ke tafiya" ta fi "ana ƙarfafa mini gwiwa", domin ta farko ko dai ta faru ko ba ta faru ba.

A wurarenmu akwai ƙarin nauyi biyu. Na farko kunya da kawaici. Mutumin da ya saba amsa gaisuwa da "aiki da godiya" ko da ya kwana uku bai runtsa ba, ba zai yi saurin zaɓar "sam ban yarda ba" a kan wanda ya girme shi ko ya samo masa aikin ba. Shi ya sa tambayoyin da ke neman hukunci a kan halin shugaba kan fito da kyau fiye da gaskiya, waɗanda ke tambayar abin da ya faru kuwa sun fi faɗin gaskiya. Mutum zai ji nauyin cewa ogansa ba shi da adalci, amma ba zai ji nauyin cewa ba a ba shi safar hannu ba. Na biyu karatu. A sashen lodi za a samu waɗanda ba sa karanta Turanci, wasu ko boko ba sa karantawa. Sai a fassara fom ɗin zuwa Hausa, a ba wani daban wanda bai ga asalin ba ya mai da shi Turanci, a gwada biyun a ga inda ma'ana ta zame. Wanda ba ya karatu a karanta masa, amma mai karantawar ya zama baƙo daga waje, ba sufabaiza ko akawun kamfani ba. Ana iya tara mutum goma a ɗaki, kowa da takardarsa, baƙon ya karanta tambaya da lambarta da babbar murya, kowa ya yi alama a asirce, ya jefa takardar a akwati da hannunsa.

Kafin a saki fom, a gwada shi a kan mutum takwas ko goma daga sassa daban-daban. Ba cikewa kawai za su yi ba. A ce wa kowanne, "Malam, wannan tambayar me ka fahimta ana nufi?" ya faɗa da bakinsa. A nan ne za a gano cewa "kayan kariya" a wurin mai gadi na nufin tocila da sanda, a wurin mai inji kuma takunkumi da abin toshe kunne. A ƙarshen fom a bar fili ɗaya ko biyu na rubutu, kamar "wane abu ɗaya za a gyara aikinka ya yi sauƙi?" Lokacin rabawa ma abin dubawa ne: ba makon da aka sallami mutane ba, ba makon da aka raba goron Sallah ba, ba kuma tsakiyar kaka da injin ba ya hutawa ba.

Sirri

Ma'aikacin da ke zargin cewa fom tarko ne ba shi da laifi. Masanin tarihin ƙwadago Sanford Jacoby ya nuna yadda kamfanin Sears na Amurka, wanda ya fara irin waɗannan bincike tun ƙarshen shekarun 1930, ya yi amfani da su har da gano rassan da ƙorafi ya taru don ya riga ƙungiyar ƙwadago isa wurin. Saboda haka cewa "ba za a san wanda ya rubuta ba" bai wadatar ba, sai an nuna yadda hakan zai tabbata. Inda akwai ƙungiyar ma'aikata, a sa wakilinta tun daga rubuta tambayoyi har buɗe akwati.

Cire suna ne mafi sauƙi. Abin da ke tona asiri shi ne ƙananan tambayoyin farkon fom: sashe, jinsi, shekaru, matsayi, daɗewa a aiki. Idan mata uku ne kacal a sashen injin, ɗaya ce kuma ta haura shekara 40, to an rubuta sunanta ba tare da an rubuta ba. A kamfanin misalinmu sashe da duti, na dare ko na rana, sun isa. Sannan a kafa ƙa'ida tun farko a kan mafi ƙarancin mutanen da za a fitar da sakamakonsu. Binciken ma'aikatan gwamnatin Birtaniya, wanda ake yi duk shekara tun 2009, ba ya fitar da sakamakon rukunin da masu amsawarsa ba su kai 10 ba. Idan muka bi wannan, mutum 7 na ɗakin gwaji sai a haɗa su da ofis. A kuma kula da ragi: idan ka nuna sakamakon mutum 12, sannan ka nuna na 10 daga cikinsu, ka fallasa amsar biyun da suka rage ga duk wanda ya iya ɗebewa.

Idan ta waya za a cike, masu amfani da Google Forms su duba wurin da aka rubuta Collect email addresses su tabbatar an zaɓi Do not collect. Zaɓin Limit to 1 response kuwa yana hana mutum cikewa sau biyu, amma yana tilasta masa shiga asusunsa na Google, kuma da yawa da zarar sun ga haka za su ɗauka an kama su. Fom ɗin kada ya zauna a asusun wani manaja. Amsoshin rubutu kuma kada a miƙa su ɗanyu, domin sufabaiza ya san salon maganar mutanensa da rubutun hannunsu. A tattara su bisa batu, a cire sunaye da duk abin da zai nuna mai magana. Idan kuwa wani ya rubuta zargin cin zarafi ko sata, wannan ba na rahoto ba ne, a bi da shi ta hanyar bincikensa daban.

Karanta sakamako

Mu ce mutum 188 sun amsa cikin 300, wato kusan kashi 63 cikin 100. Wannan adadi ya yi kyau a ido, amma a rarraba shi. A sashen injin 96 cikin 120 suka amsa, kashi 80. A ofis 23 cikin 25, ɗakin gwaji duka 7, masu gadi 12 cikin 18. A sashen lodi kuwa 36 ne kawai cikin 90, kashi 40. Direbobi 14 cikin 40, kashi 35. Wannan shi ne sakamako na farko tun kafin a duba amsa ko ɗaya. Ko dai fom bai isa ga direbobi ba saboda suna kan hanya, ko kuwa masu lodi, waɗanda yawancinsu 'yan kwantiragi ne, sun ga abin ba nasu ba ne. Duk abin da za a faɗa game da waɗannan sassa biyu a faɗe shi da taka-tsantsan, domin waɗanda suka yi shiru sun fi waɗanda suka yi magana yawa, kuma babu tabbacin ra'ayinsu ɗaya ne.

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce a haɗa "na yarda" da "na yarda sosai" a fitar da kasonsu, a nuna kuma kason waɗanda ba su yarda ba. Matsakaicin maki na ɓoye abubuwa. Maki 3 cikin 5 na iya nufin kowa na tsaka-tsaki, yana kuma iya nufin rabi sun ce 5 rabi sun ce 1, kuma waɗannan ma'aikatu biyu ba su da alaƙa da juna.

Ga tambayar "ina samun kayan aikin da nake buƙata a lokacin da nake buƙatarsu". A sashen injin mutum 54 cikin 96 suka yarda, kashi 56. Wanda ya tsaya nan zai ce ba yabo ba fallasa, ya wuce. Amma da aka raba ta duti, sai ga 45 cikin 60 na masu aikin rana sun yarda, kashi 75, na dare kuwa 9 ne cikin 36, kashi 25. Inji ɗaya, kamfani ɗaya, manaja ɗaya. Irin wannan tazara ake nema, domin ita ke nuna cewa matsalar na da adireshi. Ƙananan bambance-bambance kuwa a kyale su. A rukunin masu gadi 12, mutum ɗaya daidai yake da kashi 8. Idan bara 7 suka yarda bana 6, rahoto zai ce an faɗo daga 58 zuwa 50, alhali wataƙila mutum ɗaya ne ya tashi da ciwon kai ranar.

Alkaluma sun nuna inda ciwon yake, amma ba su faɗi dalili ba. Masu tsara rahoto kan zauna a ofis su ƙirƙiro dalilin da kansu, su ba da shawarar a sayo ƙarin kaya ko a kai sufabaizan dare kwas. Dalilin na bakin mutum 36 ɗin nan, kuma ba zai fito ba sai an zauna da su.

Zaman

Sakamako ya koma ga ma'aikata cikin mako uku zuwa huɗu da rufe fom. Idan ya kai wata huɗu an manta abin da aka tambaya, jita-jita kuma ta riga ta cike gurbin. Shugaban kamfani ya fara gani, amma ba don ya tace ba. Kowa da kowa ya ji sakamakon kamfani gaba ɗaya, har da marar daɗi, a taro ko a allon sanarwa. Ma'aikata sun san abin da suka rubuta, suna hira a tsakaninsu, idan aka nuna musu mai kyau kawai sun gane.

Sannan kowane shugaban sashe ya karɓi shafi ɗaya na mutanensa, a ba shi kwana biyu ko uku ya huce, domin karanta cewa rabin mutanenka na ganin ba ka saurarensu ba abu ne mai sauƙi ba. A gaya masa ƙarara cewa neman sanin wanda ya rubuta kaza laifi ne da za a hukunta. Sufabaiza ɗaya da ya tsaya ya ce "na san masu wannan aikin" ya isa ya kashe binciken shekaru masu zuwa a duk kamfanin. Inda sakamakon ya nuna shugaban ne kansa matsalar, wani daga waje ya jagoranci zaman, shi kuma ya fita na ɗan lokaci.

Zaman masu aikin dare a yi shi a lokacin aikinsu, ba a kira su da tsakar rana suna barci ba. Awa ɗaya ta isa. Mai jagora ba zai tambayi wa ya ce kaza ba. Zai ce, mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai a nan ya ce yana samun kayan aiki, me ke faruwa da dare da ba ya faruwa da rana? A misalinmu, bayan an ɗan yi shiru, wani dattijo cikin masu inji zai ce, "Yallaɓai, ai sito ƙarfe shida ake rufe shi, mai makulli ya tafi gida. In bel ya tsinke ƙarfe ɗayan dare sai mu zauna har safe, da safe kuma a rubuta ba mu cika buhunan da aka ɗora mana ba." Ashe kaya na nan jibge. Makulli ne babu, kuma rashinsa na cin kuɗin aljihun mutane. Da an bi shawarar ofis an sayo ƙarin bel, da an ƙara tara su a bayan ƙofar da ke kulle.

A zaɓi abu ɗaya ko biyu, ba goma ba. Jadawalin gyara mai layi 25 shi ne rahoton da za a manta, an sauya masa riga kawai. Kuma "za mu inganta samar da kayan aiki" ba mataki ba ne. Mataki shi ne: za a ajiye ƙaramar kabad a ɗakin inji da bel da takunkumi da safar hannu na mako guda, makulli na hannun sufabaizan dare, duk abin da aka ɗauka a rubuta a littafi, mai sito ya cike gurbin kowace Litinin, manajan sashe ne zai tabbatar an fara kafin ƙarshen wata, awannin da inji ya tsaya saboda lalacewa ba za a lissafa su a kan ma'aikaci ba. Akwai suna, akwai rana, kuma akwai abin da za a duba a ga ko an yi, wato awannin tsayuwar inji da dare a watan da ya wuce da wanda ke tafe.

Wasu abubuwan sun fi ƙarfin sashe. Motar da za ta mai da masu aikin dare gida, ko matsayin 'yan kwantiragi, sai hukuma. Waɗannan a rubuta su a tura sama da ranar da ake jiran amsa, shugaban kamfani kuma ya ɗauki ɗaya ko biyu a matsayin nasa, kada a zuba wa ƙananan shugabanni duk nauyin. Abin da ba zai yiwu ba a faɗa da dalilinsa. "Mun ji maganar mota, bana babu kuɗinta, za a duba a kasafin baɗi a watan kaza" amsa ce da mutum zai iya riƙewa. Shiru ne ke sa a ce an mai da mutane abin wasa.

Bayan zaman sai bibiya. A sa batun cikin taron da aka saba yi kowane wata, minti biyar, kada a kafa sabon kwamiti da zai mutu bayan zama biyu. Duk gyaran da aka yi a alaƙanta shi da binciken a fili: kun ce sito na rufe da dare, ga kabad. Ma'aikatu da dama na yin gyaran amma ba sa faɗin daga ina ya samo asali, sai ma'aikata su ci gaba da cewa fom ɗin bara bai haifar da komai ba. Bayan kamar wata uku a mai da wa sashen tambayoyi uku ko huɗu kawai a kan abin da aka taɓa, da kalmomin farko ba tare da sauya ko harafi ba, domin tambayar da aka sauya ba a iya gwada ta da ta baya.

Wani abin da zan ja kunne a kai shi ne ɗaura ladan manaja ko ƙarin girmansa a kan makin da sashensa ya samu. Yana da kama da adalci, amma sakamakonsa sananne ne: makon cike fom sai a ga lemo da tsire, a ji ana raɗa wa mutane cewa idan maki ya faɗi kowa zai ji a jikinsa. Maki ya hau, gaskiya ta gudu. Haka gasar wane sashe ya fi yawan masu cikewa, tana ƙarewa da sufabaiza tsaye a kan mutum yana jiran ya gama. Idan za a auna manaja, a auna shi da abin da ke hannunsa: ya yi zaman, an zaɓi mataki, an cika shi a ranar da aka ce.

Binciken shekara mai zuwa ya ƙunshi tambaya ɗaya da ke auna binciken kansa. Gwamnatin Amurka ta riƙa tambayar ma'aikatanta ko sun yarda za a yi amfani da sakamakon wajen gyara ma'aikatarsu, kuma shekaru da yawa waɗanda suka yarda ba su kai rabi ba. Ta Birtaniya ma na tambayar ko an ɗauki mataki a kan sakamakon da ya gabata. A kamfanin shinkafarmu tambayar za ta zama "an gyara wani abu a sashena saboda amsoshin da muka bayar bara", a karanta ta sashe-sashe tare da yawan waɗanda suka amsa. Idan masu aikin dare sun yarda, direbobi kuwa har yanzu 14 ne cikin 40 suka cike, to aikin shekarar na garejin motoci ne, kuma sai a fara da kai musu fom ɗin inda suke jiran lodi.